Karin harshen Sisili ba Sakkwatanci ba ne

Wasu kan ce: "Ai idan marubuci ya sa karin harshen yankinsu, sai mai fassara ya sa na wani yanki a nasa harshen."

Wannan dabara takan kwashe labari daga ƙasarsa. Ɗauki littattafan Andrea Camilleri na sufeto Montalbano, waɗanda suka fara fitowa a 1994, inda ya gauraya daidaitaccen Italiyanci da harshen tsibirin Sisili. Da an mayar da kalmomin Sisili Sakkwatanci, sai mai karatu ya ɗauka a Sakkwato sufeton yake aiki, har ya jingina masa al'adun Sakkwatawa, abin da babu shi a littafin.

Abin dubawa shi ne aikin da kalmar take yi a wurin. Camilleri yakan rubuta "taliare" maimakon "guardare", duka ma'anarsu kallo. Idan a bakin mai ba da labari ta fito, "kallo" ta wadatar, sai a sassauta jimlar ta yi kama da hira. Amma idan sufeton yana yi wa manyansa daidaitaccen Italiyanci, ya juya ya yi wa yaronsa harshen gida, wannan sauyin shi ne saƙon. A Hausa sai a fito da shi ta ladabi: "ranka ya daɗe" ga na sama, gajerun jimloli da "kai" ga na ƙasa.

Sunayen abinci kuwa, irin su "arancini", a bar su yadda suke, a ƙara "curin shinkafa soyayye" a karon farko kawai.