"Idan" da "da" sun riga allon Turanci zuwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci, da safe a makarantar sakandare, da yamma kuma ina zama da manya masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, yawancinsu ma'aikatan jinya da masu neman gurbin karatu a waje. Zan faɗi abin da na san wasu abokan aikina ba za su ji daɗinsa ba: yadda muke koyar da jimlolin sharaɗi na Turanci, wato masu "if", mu zana gida huɗu a allo mu ce ga na sifili, ga na ɗaya, ga na biyu, ga na uku, a haddace, ɓata alli ne ga ɗalibi Bahaushe. Ni ma na yi shekaru ina zana gidajen nan, don haka ba gori nake yi wa kowa ba.

Wata ɗalibata ce ta sa na daina. Ma'aikaciyar jinya ce, ta haddace gidajen nan huɗu kamar karatun allo. Ran nan muna gwajin magana na tambaye ta abin da za ta canza a garinsu da ita ce ke da iko. Ta gyara mayafi, ta kalli silin, ina ganin leɓenta yana motsi tana laluben gidan da za ta shiga, sannan ta ce: "If I have the power, I would have build more hospitals." Gida uku ta haɗa a jimla ɗaya. Na ce mata, "Hajiya, faɗa mini da Hausa." Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Malam, da ina da iko, da na ƙara gina asibitoci." Ba ta ce "idan ina da iko" ba, domin ta san ba ta da shi. Ashe bambancin da nake ta wahalar cusa mata yana bakinta tun tana goye.

Bahaushe bai taɓa rikita "idan" da "da" ba. "Idan ka zo zan ba ka" magana ce da ƙofarta ke buɗe, mai yiwuwa ka zo. "Da ka zo da na ba ka" kuwa an rufe ƙofa, ba ka zo ba, ba a ba ka ba. Rabin aikin ya ƙare ke nan. Abin da ya rage shi ne wurare biyu da Hausa da Turanci suka raba hanya, kuma kusan duk kuskuren da nake ja wa jan biro daga nan yake fitowa.

Na farko yana cikin "idan". Mu a Hausa, bayan "idan" siffar aikin da ya kammala muke sakawa ko da gobe ake nufi: idan ka zo, idan ta gama, idan sun biya. Sai yaro ya ji "ka zo" a kunnensa kamar abin da ya wuce, ya rubuta "If you came tomorrow, I will give you." Turanci a nan siffar yanzu yake so: "If you come tomorrow, I will give it to you." Wannan mai sauƙi ne, mako guda yake ɗauka ya gyaru.

Na biyun ne mai wuya, kuma a kansa nake so a tsaya. Hausa "da" ɗaya gare ta, Turanci kuwa ya raba ta gida biyu. Dubi waɗannan. "Da ina da kuɗi, da na sayi mota." "Da na samu kuɗi bara, da na sayi mota." Wutsiyar jimlolin iri ɗaya ce, "da na sayi mota", amma a Turanci ta farko ita ce "If I had money, I would buy a car", ta biyu kuma "If I had got the money last year, I would have bought a car." Ta farko mafarkin yau ce, ta biyu nadamar jiya. Ɗalibi yana jin "na sayi" sai hannunsa ya tafi ga "would have bought" a duka biyun, shi ya sa Hajiya ta ɗauko "would have" alhali maganar yau take yi.

Gwajin da nake ba su bai wuce daƙiƙa biyu ba. Ka faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka. In "idan" ta fito, shi ke nan, siffar yanzu da "will". In "da" ta fito, sai ka gwada jefa "yanzu" ko "jiya" a kowane ɓangare, ka ji wacce ta zauna. Ɓangaren sharaɗin da ya karɓi "yanzu" siffar da ta wuce zai ɗauka, wanda ya karɓi "jiya" sai an sa masa "had". Ɓangaren sakamako in na yanzu ne "would" kawai, in na jiya ne "would have". Na ce kowane ɓangare da gangan, domin akwai jimlar da kanta ke jiya wutsiyarta ke yau. "Da na karanci likitanci, da yanzu ina aiki a asibiti." Wannan ita ce "If I had studied medicine, I would be working in a hospital now." A littattafai sai an kai babin ƙarshe ake kawo irinta a matsayin ta gwanaye, alhali kowace tsohuwa a unguwarmu tana yin ta sau goma a wuni idan tana yi wa jikoki faɗa.

Af, kafin in manta, masu son "Had it been I knew" su yi haƙuri su ajiye ta. Ta zama ruwan dare a bakinmu har ana jin ta kamar Turancin manya, amma mai duba jarrabawa kuskure zai ƙirga ta. "Had I known" ce daidai, wato da na sani ɗin nan da ake ce wa ƙeya.

Sai kawo maganar wani. A nan Hausa ba ta taimake mu sosai ba, gaskiya. Mu idan muka ce "ya ce yana zuwa", "yana zuwa" ɗin ba ta motsi, ko yanzu ya faɗa ko bara. Wakilin suna kaɗai muke juyawa, "ina" ta koma "yana". Turanci kuwa yakan ja aikin baya taki ɗaya idan an fara da "said": "I am coming" ta koma "He said he was coming", "will" ta koma "would", "can" ta koma "could". To amma mu malamai mun mayar da wannan farilla, har yaro ya ji tsoron rubuta "She said she lives in Zaria" alhali matar tana nan Zariya ba ta tashi ba. Jimlar daidai ce. Ja da baya yana zama dole ne idan abin ya riga ya wuce ko ya canza. Haka "tomorrow" ba ta komawa "the next day" sai in ranar ta juya. Wanda ya gaya maka magana da hantsi ka isar da ita da la'asar, gobensa ita ce gobenka.

Inda ba sassauci shi ne tambaya. "She asked me where do I live" kuskure ne ko a gaban wa, domin da zarar ka ɗauko tambayar wani ka sa a bakinka ta daina zama tambaya, ta koma labari: "She asked me where I lived." Ba "do", ba alamar tambaya. Haka "ya ce mini" da ke haifar da "he said me", wadda ko dai "he told me" ce ko "he said to me".

Ga inda abubuwan biyu suke haɗuwa, kuma nan ne na ga ɗalibai masu ƙoƙari ma suna tuntuɓe. Wani saurayi ya ce, "If I get the job, I will marry her." Magana ce ta "idan", yana sa rai. Bayan wata uku kana ba da labari, sai ka ja komai baya: "He said that if he got the job, he would marry her." Dubi siffarta yanzu, ta zama sak irin ta "da". Ɗalibin da gidajen allo kawai ya sani zai fassara ta da cewa saurayin ya fid da rai tun farko, alhali "idan" ya ce, tafiyar lokaci ce ta canza mata riga. Wanda kuwa tun asali ya ce "If I had a job, I would marry her", idan za ka kawo maganarsa ba ka taɓa aikin, ka bar shi yadda yake. In ka ja shi baya ya zama "would have married", ka mayar da mai mafarki mai nadama, ka yi masa ƙarya. Tambayoyin fassara ma'anar jimla da JAMB ke kawowa irin wannan ramin suke haƙawa.

Na san za a ce ai ana gane abin da mutum yake nufi ko da ya karkace. A kasuwa haka ne. A takarda kuwa lissafi ne. A rubutun IELTS da maganarsa, nahawu ɗaya ne daga ma'aunai huɗu masu nauyi ɗaya, wato kashi 25 cikin ɗari, kuma ana duba yalwar siffofin da ka yi amfani da su tare da daidaitonsu. Shi ya sa wasu masu koyarwa ke cewa a cusa jimlar "would have" a kowane rubutu don a burge mai dubawa. Ban yarda ba. A rubutun kalma 250 cikin minti 40 kan ko gwamnati ta ƙara harajin taba, jimlar "idan" guda biyu masu tsabta da ta "da" guda ɗaya a inda hujja ta nema sun fi nadamar jiya da aka jawo da ƙarfi inda ba a yi maganar jiya ba. A insha'in WAEC mai kalma 450 ma, maki goman da aka ware wa tsabtar rubutu rabi-rabi ake zaftare shi a kan kowane kuskure, kuma labarin da yaro ya cika da "ya ce, ta ce" nan ne makin yake zubewa.

Abu ɗaya nake kewa idan na shiga Turanci, shi ne "wai". "Wai ya biya" ta isar da magana ta kuma wanke hannun mai isarwa a gaɓa ɗaya. Turanci sai ya canza aikin gaba ɗaya, ya bar "said" ya ɗauko "claimed". Na gaya wa Hajiya haka a zamanmu na makon jiya, ta rubuta a gefen littafinta, sannan ta ɗago ta ce, "To Malam, maigidana ya ce idan albashi ya shigo zai biya kuɗin darasin nan. Said zan sa ko claimed?"

Na ce ta bari mu ga ƙarshen wata.