Idan aka turo maka zanen gida aka ce "ya yi kyau?"

Mutum zai zauna da biro da rula, ya zana gidan da yake ta sakawa a ransa shekara da shekaru, ya ɗauki hoton takardar ya turo maka, tambayarsa ɗaya tak: "Ya yi kyau?" Abin da aka fi ba shi amsa da shi iri biyu ne, kuma ni dai ban yarda da ko ɗaya ba. Wasu za su ce "Masha Allah, ya yi kyau, Allah ya ba da ikon ginawa," su wuce. Wasu kuma, musamman mu da muka taɓa harkar gini, sai mu zazzage masa kurakurai ashirin a lokaci guda, daga fentin falo har inda za a sa makunnin wuta, ya rasa wanne ne babba wanne ne ƙarami, ya ji kunya ya janye takardarsa.

A ganina amsar da ta dace gajeriya ce. Ka fara da ba shi abin da ya tambaya, wato ka ce masa e, ko a'a, ko "tsarin ya yi amma bai kai a haƙa harsashi a kansa ba." Daga nan ka ɗauko abu ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda ba sa gyaruwa idan an riga an zuba kankare. Sauran ka riƙe su sai ya nema. Kalar tayil ana canjawa, ƙofa ma ana iya juya ta, amma faɗin ɗaki da inda bango ya tsaya, da zarar bulo ya hau, gyaransu rushewa ne.

Kuma a zanen hannu, abin da ya kamata ido ya fara sauka a kai shi ne kaurin bango. Kusan duk wanda bai koyi zanen gini ba yana zana bango da layi ɗaya siriri, kamar bangon ba ya cin wuri. Alhali bulon inci 9 da ake sawa a bangon waje yana cin kusan santimita 23, na inci 6 da ake raba ɗakuna da shi yana cin santimita 15, sannan filasta ta ƙara kamar santimita ɗaya da rabi a kowace fuska. A takarda ba a ganin wannan, sai ranar da magini ya ja igiya a fili.

Ga misali, don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce fili yana da faɗin mita 15, mai zanen ya bar mita ɗaya da rabi a kowane gefe, ginin ya samu mita 12. A jeren baya ya jera abubuwa biyar daga hagu zuwa dama: ɗakin kwana mita 3.6, banɗaki 1.5, lungun wucewa mita 1, ɗaki na biyu 3.6, sai kicin 2.3. Ka haɗa su, za su ba ka 12 cif. Mai zanen ya yi murna, lissafi ya fita. To amma a wannan jeren akwai bangon waje biyu da na ciki huɗu. Na waje sun ci santimita 46, na ciki sun ci 60, jimla mita 1 da santimita 6. Ƙara filastar fuskoki goma na ciki, santimita 15. Ke nan akwai mita 1.21 da gidan yake buƙata wadda babu ita a filin. Ta ma fi faɗin lungun da ya zana gaba ɗaya.

Wa zai biya wannan bashin? Idan ba a warware a takarda ba, magini ne zai yanke hukunci a tsaye cikin rana, kuma ba shi ne zai zauna a gidan ba. A ce ma ya yi adalci ya raba daidai, kowane wuri ya rasa santimita 24. Lungun ya koma santimita 76. Mutum biyu ba za su gifta juna ba sai ɗaya ya karkace, ƙofar ɗaki mai faɗin santimita 90 ba za ta shiga ƙarshensa ba, kuma ranar da aka zo shigar da katifa ko kujera mai zaman mutum uku za a sha wahala a kwana. Kicin ya koma mita 2.06. Idan aka sa kanta a ɓangare biyu, kowace mai zurfin santimita 60, abin da ya rage a tsakiya santimita 86 ne, mai girki na tsaye ba wanda zai wuce ta bayanta, ƙofar firji kuma idan aka buɗe ta tare hanya. Ɗakunan kwana sun koma 3.36: gado mai tsawon mita 2 da wardirof mai zurfin santimita 60 a gabansa za su bar maka santimita 76, maimakon mita guda da mai zanen yake tsammani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sa gida ya faɗi. Sai dai kullum za ka riƙa jin gidan ya matse ka, ba ka san daga ina matsalar ta taso ba.

Gano wannan ba ya buƙatar digiri. Ka duba ko bangon layi ɗaya ne ko biyu. Ka haɗa lambobin da ya rubuta a cikin ɗakuna a jere guda, ka gwada da faɗin ginin gaba ɗaya. Idan sun zo daidai babu ragi, to an manta da bango. Idan kuma babu lambobi kwata-kwata, wanda shi ne ya fi yawa, to gaskiyar magana ba a iya cewa ya yi kyau ko bai yi ba, domin zanen da babu awo siffa ce kawai. Hoton waya ma yana karkatar da takarda, don haka kada ka ɗora rula a kan hoto ka ce ka auna.

Abu na biyu da nake dubawa shi ne taga, kuma ba yawanta nake ƙirgawa ba, inda take kallo nake bi. A misalin nan namu, ɗaki na biyu yana tsakanin lungu da kicin, bangonsa ɗaya ne kawai yake kallon waje. Iska tana son ƙofar shiga da ta fita. Ɗakin da tagarsa ke bango ɗaya, da an rufe ƙofa iska ta tsaya, ga kuma zafin kicin a jikin ɗaya bangon. Gyaran a takarda aikin minti biyar ne: a musanya wurin kicin da ɗakin, ɗakin ya koma kusurwa ya samu taga a bango biyu. A ƙa'idar da aka fi amfani da ita, girman tagogin ɗaki kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasansa, wato ɗaki mai mita 3.6 sau 3.6 yana son taga da ta kai kamar mita 1.2 sau 1.2. Nan ne kuma tambayar ina gabas take shigowa, domin babbar taga da ke kallon yamma tana kwasar ranar la'asar ta ajiye zafin a ɗaki har dare. Masu zanen hannu ba kasafai suke nuna gabas ko arewa a takarda ba, sai ka tambaya.

Da ni aka turo wa wannan zanen, abin da zan rubuta bai wuce haka ba: "Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Yadda ka raba ɓangaren baƙi da na kwana ya yi, kada ka taɓa shi. Amma kada a haƙa harsashi tukuna. Ba ka cire kaurin bango ba, jeren baya yana neman ƙarin mita 1.2 da babu shi. Ka fitar da banɗakin daga wannan jeren, sannan ka musanya kicin da ɗaki na biyu. Turo min tsawon filin, ta ina titi yake, ta ina gabas take, kuma ko kana da niyyar ɗora bene nan gaba." Idan ya cire banɗakin daga jeren, bangon ciki ya koma uku, abin da ya rage masa a fili ya kusa mita 11. Ɗakuna biyu su riƙe 3.6 ɗinsu, lungu ya samu 1.2, kicin 2.5. Banɗakin sai a nema masa wuri ta tsawon ginin, shi ya sa nake neman tsawon filin kafin in ce a sa shi nan ko can.

Na san abin da wani zai ce: mutumin nan bai nemi gyara ba, kyau ya tambaya, me ya kai ka? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani ya riga ya yanke shawara, yabo kawai yake nema, wani kuma zanen nishaɗi yake yi, ko fili bai saya ba. Shi ya sa ban yarda a sake zana masa gidan gaba ɗaya ba, ko a ce masa falonsa ya yi girma alhali shi ya san yawan mutanen da yake tara. Wannan son ransa ne, kuma gidansa ne. Amma mita 1.2 da ta ɓace ba maganar ra'ayi ba ce. Wanda ya gani ya yi shiru don kada ran mai zane ya ɓaci, ya bar shi ne ya gano da kuɗinsa bayan gini ya kai linta.

Su ma masu cewa "kai wa akitet kawai" su tsaya nan, ban ga sun taimaka sosai ba. Shawarar daidai ce, amma mutumin da ya je wurin mai zanen gini ya riga ya san awon filinsa da abin da ba zai iya sadaukarwa ba, ya fi samun zane mai kyau a kan wanda ya je da takarda yana cewa a kwafe masa ita yadda take.

Inda ya zama dole ka ja birki shi ne ƙarfin gini. Daga hoton takarda ba wanda zai gaya maka zurfin harsashi, ko kaurin rodi, ko inda ginshiƙi zai tsaya, domin waɗannan sun dogara da irin ƙasar filin da nauyin da za a ɗora. Abin da za ka iya yi shi ne ka nuna masa wurin da ke buƙatar injiniya. Idan ka ga falo mai faɗin mita 6 ko 7 babu bango a tsakiya, kuma ya ce zai zuba dakin, wato rufin kankare, ya hau sama, ka gaya masa nan sai da bim, wato azarar kankare mai ɗaukar nauyin sama, da lissafin injiniya, kada magini ya yi masa da ka. Haka ma ratar da ya bari tsakanin gini da iyakar fili: mita ɗaya da rabi da na sa a misali lamba ce ta misali kawai, kowace hukumar tsara gari da nata ƙa'idar, kuma ta gaban titi ta kan fi ta gefe yawa. Idan hukumar wurinsa ta ce mita 2 take so a kowane gefe, mita 12 ɗin nan ta koma 11, sai a sake zama da biro tun daga jeren baya.