Nasiha ga malamai masu duba aikin ɗalibai, da ɗaliban da ake zalunta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam, kai da aka ba ka ɗalibin mastas ko na digirin dakta ka duba mishi aiki, ka ji tsoron Allah. Sa hannun nan da yake jira a wajenka amana ce, ba jarin kasuwanci ba. Lokacin da Annabi (SAW) ya tura Mu'azu Yaman ya ce mishi ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, don babu shamaki tsakaninta da Allah.

Ba kowane malami mai tsanani ne azzalumi ba fa. Wanda zai dawo maka da babi ya cika shi da jan biro, ya ce sake, wannan gata yake maka ko da ka ji haushi. Azzalumi shi ne wanda aikinka ke kwance a ofishinsa ba a ko buɗe ba, amma buƙatunsa kullum suna zuwa.

Wani ƙaninmu a nan Abuja, ma'aikaci ne yana mastas, ya kai babi uku na farko, shiru. In ya kira sai a ce mota ba mai, ko a ce ya biya kuɗin buga wata maƙala da bai san da ita ba, ranar Asabar kuma shi ke kai yaran malam islamiyya. Ya yi ta turawa yana cewa ai ihsani ne ga malami, har zango ya ƙare bai yi difens ɗin farofozal ba, ya sake biyan kuɗin makaranta, wa'adin karatun kuma yana ta tafiya. Wallahi wannan ba ihsani ba ne. Ma'aikacin zakkan da ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) cewa ya yi me ya sa bai zauna gidan iyayensa ba ya ga ko za a kawo mishi?

Wasu na cewa kai ƙara rashin haƙuri ne ko gulma. A'a. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Amma a bi ta hanyarta.

Abin da ya ceci ƙanin nan shi ne rubutu. Ya daina miƙa aiki hannu da hannu kawai, ya koma turawa ta imel don kwanan wata ya fito, ya adana saƙonnin WhatsApp da shaidar kuɗin da ya tura ta banki. Sannan ya rubuta wa shugaban sashe wasiƙa shafi ɗaya, ba zagi ba kirari: ranar kaza na miƙa babi kaza, ranar kaza aka nemi kaza, ina roƙon a canza min mai duba aiki. Ya yi kwafi biyu, sakatare ya buga hatimin karɓa a nashi ya riƙe. Kwafin nan kar ka yi wasa da shi, in ba shi gobe sai a ce ba a taɓa ganin takardarka ba. Da sashe ya ja ƙafa sai ya kai wa shugaban makarantar karatun gaba da digiri haɗe da kwafin farko, daga nan aka canza mishi malami.

In shugaban sashen ne da kansa mai zaluncin, tsallake shi ka je wajen shugaban tsangaya. Jami'o'in tarayya kuma suna da ofishin SERVICOM na karɓar koke. In cikin gida ya gagara akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, hedikwatarta na nan Abuja, kyauta ne, sai dai dokarta na so ka fara bin matakan cikin gida, kuma kar abin ya wuce wata 12 da faruwa, don haka jinkiri na cutar da kai.

Ke kuma 'yar uwa, in har neman ki yake da lalata kafin ya sa hannu, wannan ya wuce maganar canjin malami, laifi ne na amfani da muƙami, ICPC na kai irinsa kotu. A 2018 kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure wani farfesa shekara 2 kan neman ɗalibarsa don ya ba ta maki, kuma muryarsa da ta naɗa a waya ce ta tona shi. Kar ki yarda ki same shi a otal ko gida da sunan gyaran aiki, ki faɗa wa mijinki ko mahaifinki tun ranar farko, kar ki goge saƙo ko ɗaya ko da ganinsa na tayar miki da hankali. Sunansa kuma kar ki watsa a Facebook kafin bincike, sai ya juya ya kai ki ƙara kan ɓata suna. Shaidarki ki kai ta inda za a rubuta a sa hannu.