Hashtag talatin da aka sayar wa Hajiya

To, kun dai ga abin da yaron nan mai kiran kansa masanin talla ya yi wa Hajiyarmu mai sitiroberi da dankalin Turawa a nan Jos. Ya karɓi dubu ashirin, ya jero mata hashtag talatin, ya ce ta riƙa manna su a Instagram da LinkedIn duka. Sannu da aiki, Farfesa! Har da #love da #instagood a ƙarƙashin buhun dankalin Bokkos.

Hashtag ba ya kawo ciniki. Lakabi ne da ke gaya wa manhaja wane irin kaya ne wannan. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, da bakinsa ya ce hashtag ba ya wani ƙara yawan masu ganin abin da ka ɗora. Tun 2021 kamfanin ya ba da shawarar uku zuwa biyar, a ƙarshen 2024 kuma ya cire damar bin hashtag. Amma a nan ana sayar mana da talatin.

A Instagram wa Hajiya ke nema? Matar aure a unguwar Gwarinpa ta Abuja da ke son sitiroberin kek ɗin biki. Ita wannan rubutawa take yi a wajen bincike, don haka sunan kaya da sunan gari su fito a layin farko, a saka wuri, a ƙara irin su #JosStrawberry da #AbujaBakers. Shi ke nan. A #love kuwa, kafin ki ajiye waya hotonki ya nutse.

LinkedIn wata kasuwa ce daban. Can mai sayo wa otal kayan abinci a Abuja take nema, shi kuma ba hashtag yake bi ba. Yana son sanin buhu nawa za ta iya kawowa duk mako, nawa ne, wace rana mota ke tasowa. Rubutu yana isa gare shi ne idan wani da suke haɗe ya yi sharhi a kai. Biyu ko uku a ƙasa, kamar #Agribusiness, sun wadatar. Ya ga talatin, zai ɗauka yara ne ke wasa.

Wai "ai kyauta ne, me zai rage?" Dubu ashirin ɗin fa? Don Allah Hajiya, shiga Insights, wato shafin ƙididdiga na Instagram, ki duba a ina masu ganin hotunanki suke. Idan yabo na zuwa daga ƙasashen da ba ki kai kaya, kuma babu mai tambayar farashi, hashtag ɗin nan ba su kawo miki ciniki ba. Wallahi tausayi take ba ni, don kuɗin nan ya isa a biya mai hoto na kirki.