Jan biro goma sha huɗu, kuskure uku

Makon jiya ustazun da ke koya min insha'in Larabci a nan Alƙahira ya maido min da takardata da jan layi goma sha huɗu. Ɗakinsa na hawa na biyar a wani tsohon bene kusa da masallacin Azhar, ƙasa masu ta'amiya, ƙosan Masar, na suya, ƙarar hon ba ta yankewa har tsakar dare. Ya tura min ƙaramin kofin shayi, ya ce wai ɗaliban ƙasarmu akwai hadda, amma ba sa karanta gyara. Maganar ta yi min ciwo, har yau ban gama haɗiye ta ba.

Shi ba ya rubuta amsa. Layi yake ja ƙarƙashin kalma, a gefe ya sa harafi ɗaya: nun idan nahawu ne, sadun idan sarfu ne. Sauran aikin naka ne. Mu kuwa kun san yadda muka saba a aji: a kwafe gyara daga allo, malam ya sa hannu, a rufe littafi.

Da na koma masauki sai na jera layukan bisa kamanninsu, na ga ashe kuskure uku ne ke ta maimaita kansu. Layi huɗu na gaggawa ne, ɗigon harafi da na bari. Gane irinsu ba wuya: kana ganin layin ka san amsar ba tare da buɗe littafi ba, kuma maganinsu sake karanta takarda kafin miƙawa. Biyu kalmomi ne da ban san jam'insu ba. Takwas ɗin da suka rage duk a kan adadi suke, kuma nan ciwon yake.

Na rubuta "salasu kutubin", ina nufin littattafai uku. Daidai shi ne "salasatu kutubin". Da na kwafe wannan kawai, gobe sai in sake faɗawa ramin da wata kalma. Sai na tambayi kaina me ke raina lokacin da nake rubutawa. Ƙa'idar ai na haddace ta tun a Gombe: daga uku zuwa goma, adadi yana saɓa wa abin ƙirgawa, adadin namiji ya ɗauki harafin ta'u a ƙarshe, na mace ya rasa. To ina matsalar? Jam'in nake kallo. Larabci na ɗaukar jam'in abin da ba mai hankali ba a matsayin mace, shi ya sa ake cewa "hazihi kutubun", sai na lissafa "kutub" a mace. Alhali a babin adadi tilo ake dubawa, kuma "kitab" namiji ne. Hausa ma ba ta taimake ni ba, domin mu doki uku, akuya uku, ukun ba ta motsi.

Abin da na rubuta a littafin kurakuraina ke nan: jimlata mai kuskure yadda take, a ƙasanta dalilin da ya kai ni, wato "na dubi jam'i na bar tilo", sannan sababbin jimloli nawa na kaina. Da gangan na zaɓi masu tarko. "Imtihanat" kamar mace take a ido, amma tilonta "imtihan" namiji ne, don haka "salasatu imtihanatin". "Sa'a" mace ce, sai "salasu sa'atin". Na rufe amsa na gwada washegari, na sake bayan kwana uku, na sake bayan mako. A kula kuma, gyara na iya wuce gona da iri: a ɗaya da biyu adadi dacewa yake da abin ƙirgawa, ba saɓawa ba. Shaidar cewa gyaran ya zauna ita ce ka rubuta daidai cikin sabon insha'i, hankalinka na kan wani zance.

Na yarda ustaz ya iya aikinsa. Amma cewa ba mu san karanta gyara ba, wannan ban yarda ba. Makarantar allonmu a Jekadafari, idan ka yi tuntuɓe a aya, malam ba ya jefo maka kalmar. Cewa yake "sake", ka koma baya ka nemo inda ka zame da kanka. Ba ka wanke allo sai ka biya babu gargada, kuma bayan kwanaki tilawa ta sake kamo ka a wurin nan dai. Me ustaz ya ƙara a kan wannan in ban da biro? Abin da ya kashe mana wannan salon a boko cunkoso ne, malami ɗaya da tarin littattafai ba zai tsaya kan tunanin kowane yaro ba.

Malaminmu na allo ya tsufa yanzu, an ce idonsa ya yi rauni, da kunne kawai yake kama kuskure. Shekara uku ban zauna gabansa ba. Idan Allah ya kai ni gida hutun bana, zan kai masa littafin nan in karanta masa shafin adadi.