Yanke hoton sakamako ba gwaji ba ne

Duk kun ga hoton da ɗan uwanmu ya saka a zauren masu bidiyo na Agege jiya da dare. Wai ya gwada take biyu a bidiyonsa na YouTube kan farashin kayan miya a kasuwar Mile 12 ta Legas, mai tayar da hankalin ya ci, saboda haka kowa ya daina rubuta take mai bayani. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda matasan da suka fara harkar kwanan nan suka hau godiya, har wani ya ce zai canza taken duk bidiyoyinsa. Malam, wannan ba gwaji ba ne. An bar take ɗaya kwana biyu, an cire an sa wani, an yanko CTR kaɗai, wato kason waɗanda suka danna bidiyon cikin waɗanda aka nuna wa shi, an nuna mana, an ɓoye mintunan kallo. Ba gwaji ba ne, kuma bai kamata a koya wa yara shi ba.

Mutanen da YouTube ke nuna wa bidiyo ranar farko ba su ne na rana ta uku ba. Da farko yawanci masu bin tasharka ne da waɗanda suka saba kallonka, sun san muryarka, ko me ka rubuta za su danna. Daga baya ake kai bidiyon gaban baƙi, shi ya sa sau da yawa CTR ke sauka daidai lokacin da bidiyo yake yaɗuwa. Ga bambancin rana kuma. Ɗan kasuwar da ke sauke kaya tun asuba ranar Talata ba ya riƙe waya kamar yadda yake riƙe ta ranar Lahadi. Idan take na farko ya samu wasu mutane a wata rana, na biyu ya samu wasu a wata ranar, to me ka auna? Take, ko mutane, ko rana? Ba ka da hanyar rabe su.

Gwajin adalci shi ne take biyun su yi aiki lokaci guda, a raba masu kallo tsakaninsu. Abin da Test & Compare ke yi ke nan a YouTube Studio na kwamfuta. Yana karɓar har zaɓi uku, yana iya ɗaukar mako biyu, kuma da kason lokacin kallo yake fitar da wanda ya ci, ba da CTR ba. Idan take kake gwadawa, bar hoton bidiyon yadda yake a duka biyun. Ka canza take ka canza hoto tare, ko sakamako ya fito ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi. Bidiyo mai minti 12. Take na farko: "Farashin tumatir da attaruhu a Mile 12 wannan makon". Na biyu: "Abin da na gani a Mile 12 ya girgiza ni". A ce kowanne an nuna shi sau 10,000. Na farko kashi 4 cikin 100 suka danna, mutum 400 ke nan, kuma a tsakaice kowa ya kalli minti 6. Jimla minti 2,400. Na biyu kashi 7 suka danna, mutum 700, amma minti 2 suka yi suka fita. Jimla minti 1,400. Idan ka haɗa, na farko ya kwashe kusan kashi 63 na lokacin kallo, na biyu 37. Wanda ya yanko CTR kaɗai zai ce bakwai ta fi huɗu, alhali taken da yake yabo ya yi asarar minti dubu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai gidan abincin da ke Idi-Araba ta ga take na farko, ta san kuɗin kwando za a faɗa mata, ta zauna har aka iso kan attaruhu domin shi take son ji kafin ta aiki yaro kasuwa. Wanda ya danna na biyu kuwa gobara ko rikici ya zo gani. Ya tarar ana lissafin kwanduna, ya fita, kuma gobe idan ya ga sunan tasharka zai tuna an ja shi a banza. Za ka gane haka a zanen riƙon masu kallo: layin zai faɗi ƙasa warwas cikin daƙiƙa 30 na farko. Duk lokacin da CTR ya tashi, layin nan kuma ya faɗi, taken ya yi alkawarin abin da babu a bidiyon.

Na san za a ce ai idan ba a danna ba babu kallo. Gaskiya ne, kuma lissafin nan bai jefar da dannawa ba, ninka ta ya yi da minti. Da a ce masu take na biyu sun zauna minti 5, da jimlarsu ta kai 3,500, da ni zan fara cewa a bar shi. Ba na gaba da take mai jan hankali. Abin da nake cewa kawai, a kawo lambobin biyu tare. Wani kuma zai ce CTR ɗinsa 4 ne, na abokinsa 9. Su YouTube da kansu sun ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10, don haka kwatanta kanka da wani mai jama'a daban ba zai gaya maka komai game da takenka ba.

Sai maganar yawa, wadda ta fi shafar ƙananan tashoshinmu. Idan kowane take sau 300 kawai aka nuna shi, kashi 5 mutum 15 ne, kashi 7 mutum 21. Mutum shida ne duk tazarar. Gobe tana iya juyewa ba tare da ka taɓa komai ba. A irin wannan hali, idan gwajin ya ce take biyun sun yi kunnen doki ko bai gano wanda ya ci ba, karɓi hakan. Zaɓi wanda ya fi faɗin gaskiyar abin da ke cikin bidiyon, ka sake gwada irin salon a bidiyo na gaba da na gaba, sai ka ga ko abin yana maimaita kansa.

Kuma kafin ka yanke hukunci, buɗe wajen da ke nuna inda masu kallo suka fito. Mu nan rabon bidiyo a WhatsApp ya yi mana yawa, kuma wanda ya shigo ta mahaɗin da ka tura ba ya cikin Impressions, wato yawan sau da YouTube ya nuna bidiyon, balle CTR. Kallonka zai iya ninkawa saboda wani ya tura bidiyon zauren 'yan kasuwar Alaba Rago, kai kuma ka jingina nasarar ga sabon take. Haka masu zuwa daga YouTube search: su kalmar "farashin tumatir" suka rubuta, ka cire ta daga take ka rage musu hanyar samunka, ko da taken ya yi kyau a shafin farko.

Don Allah ɗan uwa, dawo da hoton cikakke, da yawan nunawa, da matsakaicin lokacin kallo, da ranakun.

Tunda ma ana maganar bidiyon, sautinsa ya fi taken buƙatar gyara. An tsaya kusa da tirela tana ɗumama inji, iska na bugun waya, dillali yana faɗin kuɗin kwando ba a ji. Sayi ƙaramin makirfon na maƙalawa a wuyan riga, ka sa masa soson tare iska, ka ja dillalin gefe bayan rumfa, sannan ka rubuta farashin a jikin allo domin masu kallo a cikin danfo waɗanda ba su kunna sauti ba.