Kuɗin da ya zo sau ɗaya kar ka ɗora mishi nauyin wata-wata

Jama'a ni fa a ganina ba shagali ne ya fi cinye kuɗin bonas ko gado ba, abin da ya fi cinye shi shi ne mutum ya sayi abin da zai rinƙa neman kuɗi duk wata, alhali shi kuɗin sau ɗaya ya shigo.

A ce albashinka dubu 100 ne, ko da wane irin kuɗi ake biyanka, kuma duk wata tas yake ƙarewa, kwatsam sai ga miliyan 1 da dubu 200. Ka sayi mota ta miliyan 1 kana murna ai akwai canjin dubu 200, to amma mai da bakanike da taya da sabunta takardu sun ƙara maka dubu 25 a wata kan abin da ka saba kashewa a zirga-zirga, ka ga wata 8 kawai canjin zai kai ka. Daga nan sai cin bashi, ƙarshenta a sai da motar ƙasa da yadda aka saye ta. Haka ƙaura zuwa gida mai tsadar haya yake, shekarar farko lafiya lau, ta biyu ido ya raina fata. Shi ya sa kafin ka sayi komai ka duba, albashinka shi kaɗai zai iya riƙe abin nan?

Da ni ne, wata guda cur ba zan taɓa kuɗin ba, kuma bakina alaikum, don da an ji labari masu "akwai wata harka" za su yi maka layi. A watan nan ne za ka san nawa ne naka na gaskiya, bonas ana iya cire haraji a ciki, gado kuwa sai an fid da bashin mamaci.

Sannan bashi. In ana bin ka dubu 300 kana biyan dubu 15 duk wata, ka kashe shi gaba ɗaya, albashinka ya samu sararin dubu 15 kenan, musamman in mai ruwa ne da kullum hawa yake. Ka ware wata dubu 300, kuɗin buƙatun wata 3, saboda rashin lafiya ko tsayawar aiki. Dubu 120 ka ji daɗinka da iyali wallahi ba laifi, wanda ya hana kanshi kwata-kwata shi ke fasa ajiyar daga baya.

Saura dubu 480, ita ce ta jari, kuma a harkar da ka san kanta kawai. Amma kar jiran ya zarce, don in farashin kaya na hawa da kashi 20 cikin 100 a shekara, abin da dubu 480 za ta saya maka baɗi bai wuce abin da dubu 400 ke saya yau ba.